Kwandon Mangwaro da Filin Kakana

Ina da shekara goma sha uku na yi wata ƴar ƙarya a kan mangwaro. Ƙarya ce ƙarama, irin wadda nake yin biyar kafin karin kumallo, kuma don gudun bulala kawai na yi ta. A gidanmu na Zongo har yau in aka tashi zagina da ita ake farawa.

Ranar wata Asabar ce ta bazara. Na ce wa Inna, mahaifiyata, za ni wurin abokina mu yi bitar lissafi. Na shiga motar haya ta faba-faba na ƙetare gada zuwa Lamorde a hayin kogi, inda abokin nan yake zaune da iyayensa. Lissafin da muka yi shi ne na rassan wata bishiyar mangwaro da ta leƙo ta kan katangar wani gida. Abokina ya tsaya gadi, ni na hau. Da ya ji motsin ƙofa sai ya ɓace ko tari bai yi mini ba. Ina duƙe a kan reshe, rigata cike da mangwaro kamar mai cikin wata tara, na ga wani tsoho siriri a ƙasa riƙe da buta yana kallona.

Ya ce, "Sauko a hankali, angon biri. In ka karye ni za a tambaya."

Na sauko. Da ma na san gidan. Duk ɗan gidanmu ya san shi, don ko yaushe muka bi ta hanyar a mota sai Kawu, yayan Inna, ya nuna shi da baki ya ce, "Ga filinmu can." Saboda haka na bubbuga ƙirji na ce wa tsohon ai nan filin kakana ne, kuma mutum ba ya satar kayansa.

Tsohon ya yi dariya har buta ta zube. Ya ce, "Kai ne na uku da ya faɗa mini haka a gindin bishiyar nan. Na farko cewa ya yi ubansa ne ya dasa ta." Ya sa aka kawo kwando, ya juye abin da ke cikin rigata, ya ƙara wasu a kai. Ya ce in tafi da shi, gobe in ina so in shigo ta ƙofa kamar ɗan mutane.

A hanya na fara tunanin abin da zan faɗa. Wanda ya tafi bitar lissafi ba ya dawowa da kwandon mangwaro a ka. Ina shiga gida na tarar da Kawu a kan kujerarsa ta tsakar gida, Inna na tsaye tana yi masa magana. Duk suka juyo. Kafin in ankara bakina ya riga ya yi gaba.

Na ce, "Tsohon nan na Lamorde ne ya ganni, ya ce in kawo wa Kawu. Wai albarkar ƙasa ce, yana gaida mai fili."

Kawu ya gyara zama. Ya ɗauki mangwaro ɗaya ya juya shi a hannu kamar an kawo masa lambar yabo. Ya dubi Inna ya ce, "Kin ji ko? Mutumin ya san matsayinsa."

A lokacin ban san abin da na katse ba. Ashe Inna ta shafe wata biyu tana matsa wa Kawu lamba ya kai maganar filin kotu, kuma ranar ne ya amsa mata cewa ran Litinin zai je ya ga aboka, wato mai tsaya wa mutum a gaban alƙali. Ran Litinin ɗin Kawu mangwaro ya sha.

Ga yadda filin ya samo asali. Kakana ɗan Damagaram ne, ma'aikacin gwamnati. Tun hayin kogi yana gonaki ya sayi wani yanki wurin wani mai gona a Lamorde, aka rubuta takardar ciniki, shaidu suka sa hannu, aka kai meri, ofishin magajin gari, aka buga hatimi. Bai aza ko bulo ɗaya ba aka sauya masa wurin aiki zuwa gabas, can ya yi ta yawo daga gari zuwa gari har ya dawo Yamai da ciwon ajali. Ya bar ƴaƴa huɗu, duk manya. Takarda ta faɗa hannun Kawu, shi ne babba.

Ban taɓa ganin an yi wa ɗan adam hidimar da Kawu ya yi wa takardar nan ba. Tana cikin leda, ledar tana cikin ambulan, ambulan ɗin yana cikin wata jakar fata, jakar tana cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa, makullin yana rataye a wuyansa ko wanka zai shiga. Duk ƙarshen damina sai ya fito da ita ta sha iska. A ranar ba mai shanya, ba mai soya miya, kaji ma sai an kulle su. Titir yake kiranta. "Titir ɗinmu," in ji shi, da murya irin ta mai karanta labarai a rediyo. Shekara talatin ya yi yana buga hatimi a wani biro, wato ofis, kafin ya ajiye aiki, shi ya sa a ganinsa duk abin da ba a rubuta ba bai faru ba, ko da kuwa ya faɗo masa a ka.

Shi kuwa filin, sau ɗaya tak Kawu ya je dubansa bayan rasuwar kakana. Shi da bakinsa yake ba da labarin, da alfahari. Ya tarar an zagaye wurin da katangar laka, akwai ɗakuna biyu, ga ƴar bishiya, ga zanen mace a kan igiya. Bai fita daga mota ba, don ranar takalmansa sababbi ne. Ya sauke gilashi ya duba, ya yanke hukunci: gardi ne, wato mai gadi. A Yamai kowa ya san yadda ake yi, mai fili ya ajiye wani talaka da iyalinsa a cikin bukka su tsare masa wuri, ran da ya tashi gini su kwashe tabarminsu. Kawu ya ga Allah ya ba shi gardi kyauta, wanda ba ya neman ko sabulu. Bai tambayi kansa ba wane irin gardi ne ke gina katanga da guminsa, daga baya ya rushe laka ya sa bulo, ya jawo wuta da famfo da sunansa, ya aurar da ƴaƴa a ƙofar gidan da kiɗa.

Inna ce kaɗai abin ya tsaya wa a rai. Tun rasuwar babana muka koma gidan gado, ni da ita da ƙannena biyu a ɗaki ɗaya, kusa da wurin wanke-wanke. Rabonta a filin nan shi ne abin da take da shi a duniya. Ba wani dogon buri gare ta ba, ɗaki biyu take so da ƙofar da za ta rufe da kanta. Har wurin da za ta dasa lemun tsami ta zaɓa, a filin da ba ta taɓa takawa ba.

Takan ce, "Yaya, mutumin nan fa bene kawai ya rage ya yi."

Shi kuma ya ce, "Bar shi ya yi, mu yake yi wa. Takarda ba ta tsufa."

Bazara ta biyu na koma Lamorde, wannan karon ta ƙofa. Tsohon ya gane ni nan take, ya ce ga angon biri ya dawo biki. Na hau na kaɗo masa na can ƙololuwa waɗanda sandarsa ba ta kaiwa, ya cika mini kwando ladan aiki. A ranar na san ko wane ne shi. Ɗan Adar ne, daga wajen Tawa, tsohon direban kamyo, babbar motar kaya. Ya ce ya sayi wurin ne da baki, gaban shaidu, wurin wani da ya ce gonar ubansu ce. Daga baya aka gane ƙanen wanda ya sayar wa kakana ne. Da mai sayarwar da yayansa duk sun rasu, sun bar mana aiki. Tsohon bai taɓa jin sunan kakana ba sai daga bakina ranar da ya sauko da ni daga reshe, kuma ya ɗauka ƙaryar ɓarawo ce, abin da ba zan ce ya yi kuskure sosai ba.

Na kawo kwando gida na ce albarkar ƙasa ta bana ta iso. Tunda ƙarya ta yi kasuwa, sai na ƙara mata gishiri. Na ce tsohon ya durƙusa da ya ambaci sunan Kawu. A bazara ta uku na ce har hawaye ya yi. Kawu ya riƙa aika wa abokansa mangwaro bibbiyu, yana cewa daga gonarsa ne ta hayin kogi, mutanensa suka kawo. Inna ta daina maganar kotu. In ta fara sai ya nuna mata ƙwallon mangwaro.

Abin da ya tashe shi daga barci wani abokinsa ne da ya gina ɗakunan haya na ɗalibai kusa da jami'a. Kawu ya je ya gani, ya dawo idonsa na ƙyalli. Bayan damina ya sa babbar riga mai aiki, ya ɗauko jakar fata, ya ce in raka shi tunda ni ne manzo tsakaninsa da gardinsa. Inna ma ta yafa mayafi ta biyo mu. Na ce cikina na ciwo, aka ce in sha kanwa. Na ce ina da jarrabawa, aka tuna mini ran Lahadi ce.

Gidan mai unguwar Lamorde muka sauka, don Kawu ya ce manya ba sa sallamar bara a tsaye. Aka aika aka kira tsohon. Ya zo da carbinsa, liman da maƙwabta uku suka biyo shi, muka zauna a rumfa. Na laɓe bayan Inna, na ja hulata har hanci.

Kawu ya yi jawabi. Ya gode wa tsohon bisa amanar da ya riƙe, ya ce iyali ba za su manta ba, ya ba shi wata uku ya nemi wuri. Har ya ƙara da cewa zai iya cire ƙofofinsa ya tafi da su.

Tsohon ya dubi mai unguwa, ya dubi liman, ya ce, "Alhaji, wa ya rasu? Na ji kamar ta'aziyya ake yi mini."

Mai unguwa ya bayyana masa. Tsohon ya ce shi ba gardin kowa ba ne, gidansa ne, a cikinsa aka yanke cibiyar ƴarsa ta fari. Mai unguwa ya tambayi Kawu ko kakana ne ya ajiye mutumin. Kawu ya ce ba shi ba ne. Ya tambaya ko shi Kawun ne. Kawu ya ce ba sai an ajiye mutum da baki ba, ai shi kansa ya san matsayinsa, shekara uku ke nan yana aiko da albarkar ƙasa.

Maganar ba ƙarama ba ce. A ƙasar Zabarmawa wanda aka ba aron gona yakan kai wa mai ita ɗan wani abu daga amfanin kowace shekara, ko dami ɗaya ne, don a san gonar ba tasa ba ce. Liman ya juya ya dubi tsohon da mamaki.

Tsohon ya ce, "Ni? Wa na aika?"

Kawu ya miƙa hannu baya ba tare da ya waiwaya ba, ya jawo ni ta wuyan riga, ya tsayar da ni a tsakiya, ya cire mini hula.

Tsohon ya leƙo fuskata. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ya ce, "Af, angon biri ne. Alhaji, wannan ai a kan bishiya na tsince shi. Kwandon farko na ba shi don kada ya dawo ta katanga, sauran biyun ladan kaɗo ne. Kowa a layinmu yana shan mangwaron nan. Liman, kai ma ashe kai ne mai filin ban sani ba."

Liman ya rufe baki da hannun riga. Ɗaya daga cikin maƙwabtan ya tashi ya fita waje don ya yi dariyarsa a sarari, muna jin sa ta bayan zana.

Kawu ya ce, "Durƙuson fa? Hawayen fa?"

Tsohon ya ce, "Gwiwar nan rabonta da durƙuso tun da na bar tuƙi. Salla ma a kan kujera nake yi."

Inna ta dube ni sau ɗaya ta kawar da kai, kuma da ta mare ni da ya fi mini sauƙi. A mota Kawu ya riƙe kunnena tun daga Lamorde har Zongo, da hannu ɗaya yake tuƙi. Ina jin kunnen ya fi ɗan'uwansa tsawo har yanzu.

Washegari muka je wurin aboka, ni da Kawu da Inna. Mace ce, ƴar wani tsohon abokin aikin Kawu, kowa na ce mata Metir, shi kuwa "ƴata" yake ce mata don ta san bai zo neman ilimi ba. An tafi da ni a matsayin shaida da kuma abin nunawa. Kawu ya buɗe jaka, ya buɗe ambulan, ya buɗe leda, ya shimfiɗa takarda a kan tebur, ya ja baya don ta samu wurin mamaki.

Ta karanta ta juya bayanta. Ta ce, "Baba, ina titir ɗin?"

"Ga shi a hannunki."

"Wannan takardar ciniki ce. Mai kyau ce kuwa, ta nuna mahaifinku ya saya. Amma titir fonsiye daban ne. Shi sai an auna fili, an kafa duwatsun iyaka, an yi shela, an shigar da shi babban littafin filaye da lambarsa. An taɓa yin haka?"

Kawu ya ce hatimin meri ai ba wasa ba ne, shi ya san hatimi. Ta ce ba ta raina hatimi ba. Ta ce da filin yana da titir, ko shekara ɗari mutum ya yi a ciki zamansa ba zai ba shi komai ba. Amma filin da ba a shigar littafi ba, in wani ya riƙe shi shekara talatin a matsayin nasa, a bainar jama'a, ba da ƙarfi ba, ba tare da yankewa ba, doka tana ba shi, ko ba shi da takarda ko guda.

Kawu ya ce, "Wato doka ta zama uwar ɓarayi."

Ta ce, "Doka ta gaji da jiran mai fili ne, Baba. Shekara talatin ta ba ku."

Ya ce a al'ada aro ba ya zama mallaka ko an shekara dubu. Ta ce a rubutacciyar doka ma haka ne: ɗan haya, da gardi, da wanda aka ba aro, duk don wani suke riƙewa, zamansu ba ya zama mallaka. Sai dai a nuna wanda ya ba shi aron. Ta ƙara da cewa tunda a rubuce aka yi cinikinmu, da rubutacciyar doka alƙali zai duba maganar. Ta shiga jero tambayoyi. Akwai wanda ya ajiye shi? Ya taɓa biyan haya? Ya taɓa faɗa, a rubuce ko gaban mutane, cewa filin naku ne? Ta ce da ya taɓa amsa haka kafin shekarun su cika, da lissafi ya koma farko.

Kawu ya nuna ni da haɓa ya ce, "Tambayi wannan."

Na ba ta labarin mangwaro tun daga reshe. Ta yi ƙoƙari, ta ciji biro, ta duba silin, amma sai da ta fita wai za ta sha ruwa.

Da ta dawo Kawu ya fito da makaminsa na ƙarshe. Ashe shekaru goma da suka wuce ya taɓa rubuta wa "mazaunin fili" wasiƙa da Faransanci mai shafi uku, yana tunatar da shi cewa ana sane da shi. Ya ajiye kwafi. Ya ce ya ba wani mai taksi ya kai. Metir ta ce ko ta isa hannun tsohon, wasiƙa ba ta tsayar da lissafin shekaru, abin da ke tsayar da shi sammaci ne na kotu, wanda wisiye, ma'aikacin da ke kai takardun shari'a, zai miƙa masa. Ta ɗauki fensir ta yi ɗan lissafi da abin da tsohon ya faɗa a rumfar mai unguwa. In gaskiya ya faɗa, yanzu ana cikin shekara ta talatin da ɗaya. Ranar da na shigo da kwandon farko, ana cikin ta ashirin da tara.

Inna ce ta fara gane abin da hakan ke nufi. Ta ce a hankali, "Ran Litinin ɗin nan."

Kawu ya miƙe tsaye ya nuna ni ya ce wannan yaron ya cinye gadon gidansu. Na sunkuyar da kai, don da gaskiyarsa ta wani gefen. Amma ko a lokacin, da kunnena ke zafi, na yi nawa lissafin. Shekara biyu ne nawa. Sauran ashirin da takwas ɗin, da kakana da Kawu suka raba su, kuma mafi yawansu Kawu ya yi su ne yana shanya takarda yana kulle kaji. Inna ta faɗi abin da ban isa in faɗa ba.

Ta ce, "Yaya, yaron nan ko haihuwarsa ba a yi ba ranar da ka ƙi fita daga mota."

Metir ta ce ƙofa biyu suka rage, duk ƙanana. Ta farko, alƙali ba ya ɗauko maganar shekara talatin da kansa, sai wanda ake ƙara ya kawo ta. Ta biyu, a kan tsohon yake ya tabbatar da shekarun. Ta ce ita dai shawararta a nemi sulhu, ko tsohon zai yarda ya yanka wa Inna wani gefe, don bayan gidan akwai sarari. Inna ta ɗago kai. Kawu ya ce shi ba zai roƙi gardi ba. Ya ce direban kamyo ina ya san wata doka, a kai sammaci kawai.

Abin da Kawu bai lissafa ba shi ne, gidan tsohon yana bakin hanyar jami'a, kuma ɗaliban shari'a a inuwar mangwaron nan suke dafa shayi tun kafin a haife ni. Wisiye bai gama juya babur ɗinsa ba, yara takwas suka taru a kan sammacin kamar an ba su jarrabawa. Kafin la'asar tsohon da bai san ko harafi ɗaya na boko ba ya haddace maganar shekara talatin, har da lambar ayar dokar. Wani tsohon ɗan shayin, wanda ya zama aboka, ya tsaya masa.

Shari'ar ta ɗauki fiye da shekara. Ni ba a kira ni ba, Metir ta ce mangwaro ya riga ya yi iyakar ɓarnarsa. Amma ranar da alƙali ya fito duba fili da idonsa, na gudu daga lakwal, wato makaranta, na je. Kawu ya zo da jakar fata a rungume. Tsohon ya zo da mutane. Liman ya ce shi ya raɗa wa ƴar fari suna a tsakar gidan nan, ƴar kuwa tana tsaye da goyo, takardar haihuwarta ta nuna ta haura talatin tun kafin a kai sammaci. Magini ya zo, tsoho tukuf, ya nuna ragowar katangar laka da ya yi a bayan gida, ya ce matar gidan tana da cikin yarinyar nan ta riƙa kawo musu fura. Wata tsohuwa maƙwabciya ta ce ita ta ba da ƙwallon da ya zama bishiyar. Alƙali ya ɗaga kai ya dubi bishiyar, wadda mutum biyu ba sa iya rungume ta.

Ya tambayi Kawu, "A cikin shekarun nan, sau nawa kuka shigo nan?"

Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, muna wucewa a kai a kai."

"Na ce shigowa."

Kawu ya duba ƙasa ya ce yau ne na farko. Sai ya ƙara da cewa amma takarda tana nan lafiya, ko lanƙwasa ba ta yi ba, ya fara kwance jaka. Alƙali ya ce ya gani a cikin dosiye, takardun shari'ar, ya gode.

Inna ta zagaya bayan gidan ita kaɗai. Na bi ta. Ta tsaya a sararin nan da Metir ta ambata, inda aka ɗaure awaki biyu, ta daɗe tana kallo. Matar tsohon ta kawo mata ruwa a kwano, ta karɓa ta sha ta yi godiya. A hanyar komawa ta ce mini, "Da ya isa ɗaki biyu." Daga nan ba ta sake maganar ba.

Alƙali ya yanke hukunci cewa tsohon ya mallaki filin ta hanyar riƙo na shekara talatin, ya kori ƙarar Kawu. Kawu ya ce zai ɗaukaka ƙara, sauran ƴan'uwan suka ce ba da su ba, har wa'adin ya wuce. Ƴar tsohon ta ɗauki hukuncin ta fara neman titir da sunan ubanta, an riga an zo an kafa duwatsun iyaka. Takardarmu tana cikin akwati a ƙarƙashin gado, bana ma an fito da ita ta sha iska. Ni da Inna da ƙannena muna nan a ɗakinmu na kusa da wurin wanke-wanke.